Snap, Flatpak Ko Deb: Wanne Za A Koma Idan Manhaja Ta Ƙi Sauka A Ubuntu?

Wanda ya saba da wayar Android ya san hanyoyi biyu na samun manhaja: ko ya shiga Play Store, ko wani ya tura masa fayil ɗin APK. Idan ɗaya ta ƙi, sai ya gwada ɗayar. Matasan da suka fara saka Ubuntu a laftof ɗinsu sukan zo da wannan tunanin, sai su tarar hanyoyin uku ne, kuma sauya hanya ba kullum yake kawo sauƙi ba. Wani lokacin ma mutum yana ganin ya sauya, alhali yana nan kan hanyar da ta ƙi masa tun farko.

Hanya ta farko ita ce ƙunshin asali na tsarin, wato fayil mai ƙarewa da .deb wanda ake sakawa da umarnin apt. Irin wannan ƙunshi ba ya da nauyi, domin yana dogara ne da kayan aikin da suke cikin kwamfutar tun tuni. Ta biyu ita ce Snap, ta kamfanin Canonical mai yin Ubuntu. Kowace manhajar Snap dunƙulallen fayil ɗaya ce da ta ƙunshi yawancin abin da take buƙata, kuma wata manhaja mai suna snapd ce ke aiki a bayan fage tana kula da su. Ta uku ita ce Flatpak, wadda akasarin manhajojinta ke fitowa daga rumbun Flathub. Ita ma tana killace manhaja kamar Snap, amma tana ɗora ta ne a kan wani babban tushe da manhajoji da yawa suke tarayya a kansa.

A ɗauki misalin ɗalibi mai tsohuwar laftof ta hannu, da Ubuntu 24.04 a kanta, intanet ɗinsa kuma daga datar wayarsa yake jawowa. Burauzarsa ta Firefox ta fara ba shi matsala, sai ya cire ta da niyyar sake sakawa. Ya rubuta `sudo snap install firefox`, saukewar ta yi nisa ta tsaya. Ya sake, ta sake tsayawa. A karo na uku ma ko farawa ba ta yi ba, sai wannan saƙo:

```
error: snap "firefox" has "install-snap" change in progress
```

Abin da kusan kowa zai yi a nan shi ne ya ce to a bar Snap, a koma apt. Sai dai `sudo apt install firefox` a wannan kwamfutar ba zai kawo Firefox na deb ba. Tun daga Ubuntu 22.04, wanda ya fito a 2022, ƙunshin firefox da ke rumbun Ubuntu ɓawo ne kawai, aikinsa shi ne ya kira snapd ya ce a sauke Firefox na Snap. Haka aka yi wa Chromium tun 2019. Saboda haka ɗalibin zai ga kamar hanyoyi biyu ne suka ƙi, har ya fara zargin laftof ɗin, alhali hanya ɗaya ce ya bi sau biyu. Ana iya gane wannan da `apt policy firefox`: idan lambar sigar da ta fito tana ɗauke da `1snap1`, to ɓawon ne.

Kafin a zaɓi wata hanya, akwai tambayar da ya kamata a amsa: matsalar ta Snap ce ita kaɗai, ko ta kwamfutar ce baki ɗaya? Abubuwa biyu ne suka fi hana dukkan hanyoyin uku aiki a lokaci guda, kuma duba su ba ya cin minti biyu.

```
timedatectl
df -h /
```

Na farko yana nuna agogon kwamfutar. Tsofaffin laftof da yawa ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci ya mutu, sai su tashi da kwanan watan shekarun baya. Idan agogo ya kauce, kwamfutar ba za ta amince da takardar shaidar tsaron rumbunan ba. A Snap za a ga saƙo mai `x509` a ciki, apt kuma ya ce fayil ɗin rumbu `is not valid yet`. Na biyu yana nuna sauran wuri a faifai. Idan ya cika ko ya kusa, babu hanyar da za ta yi aiki, kuma ƙara Flatpak a kai sai dai ya ƙara cunkoso.

A ce agogon ɗalibin daidai yake, faifansa kuma da sauran wuri. Mataki na gaba shi ne a tambayi snapd inda ya tsaya, domin yana ajiye tarihin duk abin da ya yi.

```
snap changes
snap tasks 14
sudo snap abort 14
```

Umarnin farko zai jero ayyukan kwanan nan, kowanne da lambarsa. Lamba 14 misali ce, kowa zai sa wadda ya gani a gaban aikin da ya maƙale. Na biyu zai buɗe aikin ya nuna matakansa ɗaya bayan ɗaya, na uku kuma ya soke shi don saƙon nan na `change in progress` ya kau. Jerin matakan nan shi ne ya fi komai amfani, domin daga wurin da aka ga `Error` ko aka ga aiki ya tsaya a `Doing` za a san hanyar da ta dace a koma.

A wurin ɗalibin, matakin da ya tsaya shi ne mai farawa da `Download snap`. Ya gwada `sudo snap install hello-world`, wata 'yar mitsitsiyar manhaja ta gwaji, ta shiga lafiya lau. Wannan ya nuna snapd ƙalau yake. Abin da ya gagara shi ne jawo fayil mai ɗaruruwan megabait ta layin da ke yawan yankewa.

A irin wannan hali Flatpak ba mafita ba ce, duk da cewa ita ce shawarar da aka fi saurin ba mutum. Ubuntu ba ta zuwa da Flatpak, sai an saka ta da apt, a haɗa ta da Flathub, sannan manhajar farko da za a sauke za ta jawo tushenta, wanda ga Firefox shi ne `org.freedesktop.Platform` da 'yan rakiyarsa, su ma ɗaruruwan megabait ne. Wanda layinsa ya kasa ɗaukar kaya ɗaya, an ba shi biyu ke nan. Ribar Flatpak tana zuwa ne daga baya, lokacin da manhaja ta biyu da ta uku suka hau kan tushen da aka riga aka sauke.

Abin da ya dace da ɗalibin shi ne deb na gaskiya. Tun farkon 2024 Mozilla take da rumbunta na apt a `packages.mozilla.org`, kuma ƙunshin ya fi na Snap ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ana ƙara makullin Mozilla da adireshin rumbun kamar yadda shafinsu na taimako ya tsara, sannan a yi wani mataki da mutane ke yawan tsallakewa. Lambar sigar ɓawon nan na Ubuntu tana farawa da `1:`, kuma a lissafin apt wannan ya sa ta fi kowace lamba ta Mozilla girma. Idan ba a gaya wa apt wanda zai fifita ba, zai sake ɗauko ɓawon, a koma gidan jiya. Maganin shi ne a ƙirƙiri fayil `/etc/apt/preferences.d/mozilla` a rubuta wannan a ciki:

```
Package: *
Pin: origin packages.mozilla.org
Pin-Priority: 1000
```

Bayan `sudo apt update`, sai a sake duba `apt policy firefox`. Idan layin `Candidate` ya nuna lambar Firefox ta ainihi babu `snap` a jikinta, an hau hanya.

Deb ma da nasa farashin. Ba a killace shi kamar sauran biyun ba, yana iya taɓa duk fayil ɗin da mai kwamfutar zai iya taɓawa, kuma lokacin saka shi yana aiki ne da cikakken iko a kan tsarin. Rumbun Mozilla abin yarda ne domin su ne masu manhajar. Amma deb da aka tsinto a wani shafi da ba a san mai shi ba, hukuncinsa ɗaya da APK da aka turo a guruf ɗin WhatsApp.

Wanda kuma yake son ya zauna a kan Snap yana da wata dabara. A kwamfutar aboki mai Ubuntu da intanet mai ƙarfi, `snap download firefox` zai sauke fayil biyu, ɗaya .snap ɗaya .assert. A kwaso su a filash, a gida a yi `sudo snap ack` a kan na biyun, sannan `sudo snap install` a kan na farkon. Kusan irin yadda ake tura manhaja ta Xender ne, sai dai nan akwai sa hannun da ke tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ɗin ba.

Da a ce matsalar ɗalibin a wani mataki ta fito, da shawarar ta sauya. Akwai masu ƙaramin faifai da ke mayar da foldarsu ta gida zuwa wani faifai na biyu, wajen `/home`. A nan Snap zai sauka lafiya, amma manhajar ta ƙi buɗewa, domin dokokin killacewarsa sun ɗauka gidan kowa yana ƙarƙashin `/home`. Sabbin sigogin snapd suna karɓar gyara da `sudo snap set system homedirs=` tare da adireshin wurin. Idan kuma matakin `Mount snap` ne ke faɗuwa, har hello-world ma ta ƙi, to tsarin ne ba ya iya buɗe irin fayil ɗin da Snap ke amfani da shi, kuma babu yawan maimaitawa da zai canja hakan. A waɗannan halaye biyu Flatpak zaɓi ne mai kyau, domin ba ta bi ta snapd ko kaɗan, kuma Mozilla da kanta ce ke wallafa `org.mozilla.firefox` a Flathub. Masu Linux Mint kuwa su sani cewa tun siga ta 20 aka toshe Snap da gangan ta wani fayil mai suna `nosnap.pref`, Flatpak ce take zuwa a shirye, don haka ƙin da Snap ke yi a can ba lalacewa ba ce.

Duk hanyar da aka koma, bayanan burauza ba sa bin mutum da kansu. Firefox na Snap yana ajiye kalmomin sirri da shafukan da aka adana a `~/snap/firefox`, na Flatpak kuma a `~/.var/app/org.mozilla.firefox`. Sabon zai buɗe fayau kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Wanda tsohon nasa yake buɗewa har yanzu, ya kunna Firefox Sync ko ya kwafe foldar kafin ya cire komai. Ɗalibin da ya riga ya cire nasa ma bai yi asara ba tukuna: `snap remove` yana ajiye kwafin bayanan na kwana 31 idan ba a haɗa da `--purge` ba, kuma `snap saved` zai nuna ko kwafin yana nan.