Intanet Ba Ta San Kwamfutarka Ba: Raddi ga Masu Cewa Rubuta Kurakurai Ɓata Lokaci Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasan da suke koya wa kansu rubuta manhaja. Idan ka ba ɗayansu shawarar ya buɗe kundi yana rubuta duk matsalar da ya warware, sai ya ce maka, "Haba ɗan'uwa, ai komai yana intanet. Duk ranar da ta dawo, in kwafi saƙon kuskuren in liƙa a Google, amsa ta fito." Masu faɗin haka ba ragwaye ba ne, kuma suna da hujja. Tun shekarar 2008 da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa Stack Overflow ake tara tambayoyi da amsoshi a can, har ya zama da wuya ka ci karo da saƙon kuskuren da wani bai riga ka gani ba. Ni ma na yarda cewa a karon farko da matsala ta tare ka, bincike shi ne abin yi. Inda na saɓa da su shi ne a karo na biyu da na uku. Abin da intanet ta adana shi ne saƙon kuskure da tarin dalilan da kan iya jawo shi a kwamfutocin mutane daban-daban. Ba ta adana wanne ne daga cikinsu ya same ka ba, kuma ba ta adana yadda ka gane shi ba.

Bari mu ɗauki misalin da zai iya samun duk mai aiki da rubutun Hausa. A ce wani matashi yana koyon Python a kwamfuta mai Windows, ya rubuta ɗan shirin da zai zuba sunayen ɗaliban wata makaranta da garuruwansu a fayil. Layuka na farko suka shiga lafiya, sai da aka zo kan wata kalma mai harafin ƙ shirin ya tsaya cak, allo ya nuna masa wannan:

```
UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode
character '\u0199' in position 0: character maps to <undefined>
```

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Kwamfuta tana ajiye kowane harafi ne a matsayin lamba, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na wannan ajiya. Idan ba ka faɗa wa Python tsarin da kake so ba, a yawancin kwamfutocin Windows da ke hannunmu takan ɗauki wani tsohon tsari mai suna `cp1252`, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ. Wannan `\u0199` da ya bayyana a allo lambar ƙ ce.

Matashin nan ya yi bincike, kuma ya samu amsoshi fiye da ɗaya. Daga cikin abin da ake yawan ba da shawara akwai ƙara `errors="ignore"` a wajen buɗe fayil. Ya gwada, kuskuren ya ɓace, ya yi murna. Amma gyaran gangar Auzinawa ya yi, domin abin da ya umarci Python shi ne ta jefar da duk harafin da ta kasa rubutawa. Kalmar "ƙasa" ta koma "asa", "ɗalibi" ya koma "alibi", kuma babu wani gargaɗi da zai sake fitowa. Wanda ya ba da waccan amsa bai yi ƙarya ba. Mai yiwuwa shi wata alama ce guda marar amfani ta dame shi a cikin rubutun Turanci, kuma zubar da ita bai rage masa komai ba. Bai san cewa a Hausa wannan lanƙwasa ita ce ke raba "kafa" da "ƙafa" ba. Gyara na gaskiya shi ne a faɗa wa Python ta yi amfani da `utf-8`, tsarin da ya ɗauki dukkan haruffanmu.

To, a nan ne nake so masu waccan magana su tsaya su duba. Bayan wata huɗu, idan matsalar ta dawo a wani aikin, bincike zai sake jera masa amsoshin nan kamar yadda ya jera su a karon farko, mai kyau da mai cutarwa a shafi ɗaya. Intanet ba ta tuna cewa ya taɓa gwada `errors="ignore"` ya yi asarar haruffa. Shi kaɗai ya san haka, kuma wata huɗu sun isa su shafe shi daga kansa. Saboda haka a ganina layin da ya fi kowanne daraja a kundin kurakurai shi ne na abin da aka gwada bai yi ba, tare da dalilin da ya sa bai yi ba.

Labarin bai ƙare ba. Ya gyara da `utf-8`, ya tura fayil ɗin ga shugaban makaranta, shi kuma ya danna shi sau biyu ya buɗe a Excel. Sai ga waya: duk inda ƙ take an ga `Æ™`, duk inda ɗ take an ga `É—`. A nan babu ma saƙon kuskuren da za a kwafa a liƙa, domin a wajen Python komai ya tafi daidai. Abin da ya faru shi ne `utf-8` yana ajiye ƙ a gida biyu na lamba, shi kuwa Excel ya karanta kowane gida a matsayin harafi mai zaman kansa da wancan tsohon tsari. Maganin shi ne a sa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil da za ta sanar da Excel tsarin da aka bi, kuma ana yin haka da canza kalma ɗaya:

```python
f = open("dalibai.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="")
```

An gudu ba a tsira ba. Makonni bayan haka ya rubuta wani shirin da zai karanta wannan fayil ɗin da `csv.DictReader`, ya buɗe shi da `utf-8` kamar yadda ya saba, sai ya ga:

```
KeyError: 'suna'
```

Ya buɗe fayil ɗin da idonsa, ga kalmar "suna" nan ɓaro-ɓaro a kan layin farko. Idan ya kai wannan saƙo wajen bincike, abin da zai samu shi ne bayanin cewa ya nemi wani abu da babu shi a jerin, wanda gaskiya ne amma bai kai shi ko'ina ba. Saƙon kamar mutum ya je asibiti ne ya ce kansa na ciwo: alama ce guda da cututtuka da yawa suke tarayya a cikinta. Hakikanin dalilin shi ne waccan ɓoyayyiyar alama da ya sa domin Excel ta manne a jikin kalmar farko. Da zai buga `print(reader.fieldnames)` da ya ga `'\ufeffsuna'` a maimakon `'suna'`. Gyaran shi ne ya karanta da `utf-8-sig` kamar yadda ya rubuta da shi.

Matsaloli uku ke nan masu fuska daban-daban, amma tushensu ɗaya, kuma gyaran ta biyu shi ya haifi ta uku. Babu wanda zai iya haɗa wannan zare a duniya sai wanda ya san tarihin fayil ɗin. Mai kundi yana neman kalmar "dalibai" a cikin kundinsa zai ga abin da ya yi makonnin baya, ya gane inda alamar ta fito cikin minti biyu. Wanda ba shi da kundi zai iya kwana yana zargin kansa da kuskuren rubutu.

Wasu za su ce, to ai rubutun yana cin lokaci. Yana ci, amma bai kai yadda ake zato ba, in dai an san abin da ake rubutawa. A fara da kwanan wata da sunan aikin. Sannan a kwafi saƙon kuskuren harafi da harafi, kada a taƙaita shi da kalmominka, domin da shi za ka nema nan gaba. Idan babu saƙo, a rubuta abin da ido ya gani, kamar `Æ™` ɗin nan. A faɗi irin kwamfutar da sigar Python, wadda `python --version` zai nuna. Daga nan sai abin da aka gwada bai yi ba, sai dalili a jimla ɗaya ko biyu, sai gyara, sai kuma hanyar tabbatarwa. A misalinmu, hanyar tabbatarwar ita ce buga `locale.getpreferredencoding()` a gani ko zai dawo da `cp1252`. Duka wannan bai wuce layi goma ba.

Jimlar dalili ita ce na fi matsa wa mutane a kanta. Mai koya wa kansa ba shi da malamin da zai tsare shi ya ce, "Yi mini bayanin abin da ya sa gyaranka ya yi aiki." Kundin shi ke yi masa wannan tambaya. Idan ka zo rubuta dalili hannunka ya tsaya, ka gane cewa liƙe ka yi ba warwarewa ba, kuma gara ka gane haka yau da ka gane ranar da aikin mutane ya lalace a hannunka. Wanda ya sa `errors="ignore"` da zai tilasta wa kansa rubuta abin da wannan umarni yake yi, da tun a lokacin ya koma ya duba fayil ɗinsa.

Dole kuma in faɗi iyakar abin, don kada a ɗora wa kundi abin da ba zai iya ba. Ba kowane kuskure ne ya cancanci shiga ba. Mantuwar rufe baka ko kuskuren harafi da ka gano nan take, ka gyara ka wuce. Ma'aunina shi ne duk abin da ya cinye maka fiye da rabin awa, ko wanda dalilinsa ya zo maka a ba-zata. Sannan kundi yana tsufa. Masu kula da Python sun amince cewa daga siga ta 3.15 `utf-8` zai zama tsarin da ake ɗauka kai tsaye, wato matsalar farko za ta daina bayyana a sababbin sigogi, alhali tana nan a tsofaffi. Shi ya sa rubutun da babu siga a jikinsa zai iya ɓatar da mai shi. A kuma kiyaye, kada kalmar sirri ko bayanan mutane su bi saƙon kuskure su shige kundi.

Game da inda za a ajiye, littafin takarda ya fi babu, amma ba a iya bincika shi da sauri kuma kwafar dogon saƙo da hannu yana jawo kuskure. Fayil guda na rubutu zalla ya wadatar, wanda za ka buɗe ka danna `Ctrl+F` ko data ta ƙare, ka kuma ajiye kwafinsa a waya. 'Yan'uwa masu koyo, ku ci gaba da bincikenku a intanet, babu mai hana ku. Amma matsala ta gaba da za ta cinye muku rabin awa, kafin ku rufe kwamfuta ku rubuta saƙonta, da abin da kuka gwada bai yi ba, da dalilinta a cikin kalmominku.