Suna Uku a Takarda, Gurbi Biyu a Fom ɗin Sifaniya

Ɗan Sifaniya yana da sunan yanka, sannan sunayen dangi guda biyu, na farkon mahaifinsa da na farkon mahaifiyarsa. Tun bayan dokar 1999 iyaye na iya zaɓar wanda zai zo gaba, kuma mace ba ta sauya nata don ta yi aure. Shi ya sa fom ɗinsu ke zuwa da gurabe uku: `Nombre`, `Primer apellido` da `Segundo apellido`. A nan ne takardun ɗalibanmu da masu bin miji ko mata zuwa can suke fara karkacewa, domin mu ma mun saba da suna uku, amma tsarinmu daban ne.

A ce wata ana kiranta Amina Sani Bello: Sani mahaifinta, Bello kakanta. A fasfonta an sa Bello a matsayin sunan dangi, Amina Sani kuma sunayenta. Ma'aikacin da ya ga suna uku a jere zai karanta su yadda ya saba, ya ɗauki Sani sunan dangi na farko, Bello na biyu. Shi ke nan an ajiye fayil ɗinta a ƙarƙashin Sani, fasfo kuma yana cewa Bello. Ranar da aka zo haɗa takardar makaranta da ta izinin zama, sai a ga kamar mutum biyu ne.

Fasfo shi ne alƙali. Ku duba layuka biyu da ke ƙasan shafin hoto, waɗanda na'ura ke karantawa. Na farkon zai yi kama da haka:

```
P<NGABELLO<<AMINA<SANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Bayan haruffan ƙasa, duk abin da ya zo kafin alamar `<<` shi ne sunan dangi. Don haka Bello zai shiga `Primer apellido`, Amina Sani su shiga `Nombre`, gurbi na uku a bar shi babu komai. Kada a cusa sunan uwa ko na gari don kawai a cike fili. Baƙo yana zama da sunan da ƙasarsa ta ba shi, sai idan ya zo karɓar shaidar zama ɗan ƙasa ne dokarsu ke neman ya ɗauki biyu.

Hukumomin Sifaniya sukan nemi fassarar rantsattsen tafinta, wanda Ma'aikatar Harkokin Wajensu ta naɗa, mai sa hannu da hatimi. Aikinsa ya kwafi suna harafi da harafi. Yusuf ba ya zama José, Maryam ba ta zama María, Mahamadou na takardun Nijar ba ya komawa Muhammad. Kuma ba shi da ikon gyara. Idan takardar haihuwar Amina ta ce Aminatu, ta sakandare ta ce Amina S. Bello, ta aure kuma ta liƙa mata sunan miji, haka zai fassara kowacce, iyakarsa ya sa ɗan bayani. Wannan saɓanin a gida ake warware shi kafin a biya kuɗin fassara, ko dai a gyara takardar a inda aka ba da ita, ko a yi takardar rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne, ita ma a fassara ta.

Alhaji, Hajiya da Malam girmamawa ce, ba sa shiga gurbin suna, sai fa idan Alhajin sunan mutum ne a fasfonsa, kamar yadda ake samu a Borno. In sun fito a takardar asali, tafinta ya bar su yadda suke, ya bayyana cewa laƙabi ne. Maye gurbinsu da `Don` ko `Doña` kuskure ne a ganina, tunda waɗannan kowane babba ake sa wa a takardar hukuma, ba su nuna an je Makka.

Adireshin gida shi ma ba a juya shi. Lamba, sunan titi da unguwa su zauna yadda aka rubuta su, don wasiƙa ta iya isa. Sunan ƙasa ne ke shiga Sifaniyanci, kuma a lura cewa Nijar `Níger` ce, Nijeriya kuma `Nigeria`. Adireshin can kuwa, wanda za a rubuta a fom, titi ne ke zuwa farko: `C/ Mayor, 12, 3.º B, 28013 Madrid`. Wato titin Mayor, gini mai lamba 12, hawa na 3, ƙofar B. Lambar gidan waya mai lambobi 5 tana gaban sunan gari, biyun farko na lardi ne, 28 Madrid, 08 Barcelona. Wanda ya manta hawa da ƙofa, mai rabon wasiƙa zai iske akwatuna da yawa a gini ɗaya, kuma zai nemi sunan dangin da aka rubuta a jikin akwatin. Idan ofis ya rubuta Sani, akwati kuma yana ɗauke da Bello, wasiƙar tana iya komawa inda ta fito.