Shekarun taya na rubuce a gefenta

Direban da ke jigilar hatsi daga Shanono zuwa kasuwar Dawanau, idan ya shiga Ƙofar Ruwa neman taya, yakan fara da shafa zanenta. Zane kuwa yana ruɗi. Taya 'yar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe. Gaskiyarta tana gefe, inda kamfani ya rubuta.

A fara da neman haruffan `DOT`, a bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne takardar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga `2319`, an ƙera ta a mako na 23 na 2019, wato farkon watan Yuni. Sau da yawa a gefe guda kaɗai ake buga su, don haka in ba a gani ba, a juya ta. Lambobi uku kacal na nufin ta girmi shekarar 2000. Wurin da aka kankare kuwa, a bar wa mai kaya kayansa.

Roba tana tsufa ko a ajiye take, zafin ranar ƙasarmu kuma yana gaggauta bushewarta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Michelin ya ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, a goma kuma a cire ta ko da tana kyau a ido. Alamar tsufa ita ce ƙananan tsage-tsage a gefe da cikin ramin zane.

Sai rubutun girma. Ɗauki `175/70 R13 82T`, wanda ake gani a kan tsohuwar Golf. Faɗin tayar milimita 175 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, kuma rim mai inci 13 take hawa. Lambar da aka fi tsallakewa ita ce 82, wadda ke nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kilo 475, shi ma sai iskarta ta cika. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 950. Buhun masara shida masu kilo 100 sun cinye 600, ga nauyin bayan motar, ga fasinja a kai. Tayar da aka danne haka tana lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta fashe a kan kwalta da tsakar rana. Idan ta tsufa, ba ta ma kai wannan lissafin.

Saboda haka mai lodi ya nemi girman da ke rubuce a jikin ƙofar motarsa, lambar nauyi kuma kada ta gaza wadda ke can. Kafin a fara ciniki, a durƙusa a karanta gefen.