Yadda masana'anta ke sanin ranar da za ta ba da odar kaya

Masana'antar da ke haɗa baro na iya cika sito da kwanon ƙarfe da bututu da fenti, amma aiki ya tsaya cak saboda boris ya ƙare. Kwastoma ba ya karɓar baro marar taya, taya kuwa ba ta juyawa sai da boris. Domin kauce wa irin wannan tsaiko ne aka tsara lissafin da ake gani a kwamfutocin kamfanoni da sunan MRP, wato tsara buƙatun kayan aiki. Injiniya Joseph Orlicky, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa shi, littafinsa na 1975 kuma shi ya yaɗa shi.

Tushen tunaninsa shi ne buƙata iri biyu ce. Baro nawa kasuwa za ta saya, wannan sai odar kwastomomi da hasashe. Amma da zarar an yanke cewa za a haɗa baro 200, taya 200 ake buƙata, kuma tunda kowace taya na cin boris biyu, adadin boris ma lissafi ne zai fitar da shi, babu kintace a ciki. Saboda haka abu uku ake ba kwamfuta: jadawalin abin da za a fitar da ranarsa, jerin sassan da ke cikin kowane baro, da bayanin abin da ke sito da wanda ke tafe.

Mu ɗauka yau muna mako na 1. An yi alkawarin miƙa baro 200 a mako na 5, da wasu 150 a mako na 7. Haɗa baro mako guda yake ci, don haka dole taya 200 su kasance a ƙasa a mako na 4, 150 kuma a mako na 6. A sito akwai taya 90, akwai kuma 60 da aka riga aka sa aikinsu, za su shigo a mako na 2. Kamfanin ya kuma yanke cewa kullum a bar taya 40 a matsayin ko-ta-kwana, saboda wadda za ta fito da lahani ko kwastoman da zai faɗo ba zato.

Lissafin kansa ɗan firamare ma zai yi shi. A mako na 4 ana buƙatar 200, a ƙara 40 na ko-ta-kwana, ya zama 240. A cire 150 da za a samu a hannu, wato 90 da 60. Giɓin da ya rage 90 ne. Mai karatu ya lura cewa kwamfuta tana ɗaukar 40 ɗin nan tamkar kayan da aka riga aka yi wa mai shi. Ba don su ba, da giɓin 50 ne kawai.

Sai dai sashen haɗa taya ba ya tayar da inji don ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ɗari-ɗari yake aiki. Shi ya sa 90 za ta koma 100, kuma bayan an ɗebi 200 za a bar 50 a sito. Wannan 50 ita za ta shiga lissafin gaba. A mako na 6 ana son 150 da 40, a cire 50, saura 140, wadda ita ma za a ɗaga ta zuwa 200.

An san adadi, saura rana. A nan ake ƙirge da baya. Daga ba da odar taya zuwa shigowarsu sito mako biyu ne, to tayoyin mako na 4 sai a saki odarsu a mako na 2, na mako na 6 kuma a mako na 4. Waɗannan su ne odar da aka tsara. Shawara ce kwamfuta ta ajiye, ba a kashe ko kwabo ba tukuna, sai jami'in tsare-tsare ya duba ya amince sannan ta zama oda ta gaske.

Inda tsarin ke nuna ƙarfinsa shi ne mataki na ƙasa. Ranar da za a fara haɗa taya, ranar ake buƙatar boris. Taya 100 a mako na 2 na nufin boris 200, taya 200 a mako na 4 na nufin boris 400. A sito akwai boris 250, ko-ta-kwana 50, kuma dila yana ɗaukar mako uku kafin ya kawo. Mako na 2 lafiya lau, za a ɗebi 200 a bar 50 daidai. Mako na 4 kuwa sai an sayo 400, kuma in aka ja mako uku baya, ana faɗowa kan mako na 1. Wato baron da za a miƙa a mako na 7, cikin makon nan da muke ciki ya kamata a ba da odar boris ɗinsa. Mai kula da sito da ya leƙa ya ga kwalaye cike ba zai taɓa jin akwai gaggawa ba.

To, a ce kwastoman farko ya bugo waya ya ce a ƙara masa baro 20. Giɓin taya ya tashi daga 90 zuwa 110, kuma saboda dokar ɗari-ɗari, oda ta yi tsalle zuwa 200. Buƙatar boris a mako na 2 ta zama 400, alhali 250 ke akwai, sai allo ya nuna odar da ya kamata a ce an bayar tun mako biyu da suka wuce. Baro 20 kacal sun tayar da hankalin ofishin saye. A ganina nan ne ake gane jami'in da ya san aikinsa. Zai iya barin odar taya a 100, ya taɓa ko-ta-kwana ta sauka zuwa 30 na ɗan lokaci, ya cike ta a oda ta gaba. Dama don rana irin wannan aka ajiye ta. Wanda ya bi allo ido rufe zai biya kuɗin gaggawa don kawai ya kare kayan da aka tanada domin gaggawar.

Akwai kuma abin da lissafin ba ya gani. Yana ɗauka mako biyu mako biyu ne, ko taya 100 za a haɗa ko 1,000, ko akwai wuta ko babu. Bai san yawan ma'aikata ko ƙarfin inji ba, sai an yi wannan binciken daban. Mutane kan rufe wannan rami ta hanyar ƙara lokacin jira da yawan ko-ta-kwana, sai kaya su riƙa zuwa da wuri, jari ya kwanta a sito.

Mafi muni shi ne lambar ƙarya. In littafi ya ce taya 90 amma 70 ke kan kanta, duk abin da aka gina a kai ya karkace, kuma ba za a sani ba sai ranar haɗawa. Alamar ba ta ɓuya: kullum odar da lokacinta ya wuce ta cika allo, shugabannin sashe kuma kowa ya koma rubuta nasa lissafin a takarda. Duk mai masana'antar da ya ga haka, kafin ya zargi kwamfuta, ya sa a ƙirga kayan sito da hannu, ya kuma duba rasit ya ga kwana nawa dilansa ya ɗauka a odar da ta gabata.