Takardar Aure da Bizar Ma'aurata: Aikin Fasto Kafin Biki da Bayansa

A yawancin majami'unmu akwai takarda mai kyau, mai zanen zobe da tambarin ikkilisiya, wadda muke miƙa wa ango da amarya a ƙarshen sujada. Ba laifi a ba da ita, amma ita kaɗai ba ta mai da aure ya zama na doka. Jami'in biza a ofishin jakadanci yana da tambaya guda game da takardar da ke gabansa: shin dokar ƙasar da aka ɗaura auren ta amince da shi? A Najeriya amsar tana cikin Dokar Aure ta 1914, wadda har yau ake aiki da ita, kuma takardar da wannan doka ta sani ita ce Fom E. Fom E kuwa ba ya tsayawa shi kaɗai. Akwai takardun da dole su riga shi, akwai kuma aikin da ke biyo bayansa, kuma rabin wannan aiki a hannun fasto yake.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani ɗan ikkilisiya yana da izinin zama na dindindin a Birtaniya. Ya sami hutun mako uku a watan Disamba, iyaye sun sa ranar aure 20 ga wata, yana kuma so matarsa ta bi shi daga baya.

Kwana 21 da wata uku

Aikin farko a ofishin rajistar aure ake yinsa, ba a majami'a ba. Ɗaya daga cikin masu niyyar aure zai cike Fom A, wato sanarwar aure, ya sa hannu, ya miƙa wa magatakardan aure na yankin da za a yi bikin. Magatakarda zai shigar da sanarwar cikin littafinsa, ya kuma liƙa ta a ofis domin duk mai dalilin hana auren ya zo ya rubuta ƙorafinsa. Sai bayan kwana 21 zai iya ba da Fom C, takardar da ke nuna cewa an yi sanarwa kuma ba abin da ya hana. Kafin ya bayar, za a yi rantsuwa cewa ɗaya daga cikinsu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, cewa babu dangantakar da ta haramta auren, cewa babu wanda ke da auren al'ada da wani mutum dabam, cewa kuma kowannensu ya kai shekara 21, ko kuwa akwai rubutaccen izinin iyaye.

Yanzu mu lissafa wa angonmu. Idan aka jira sai ya sauka a farkon Disamba, kwana 21 ba za su cika kafin 20 ga wata ba. Ko da a ƙurarren lokaci ne, sanarwar ba za ta wuce ƙarshen Nuwamba ba. Tunda doka ta ce ɗayansu ne ke ba da sanarwa, kuma zaman kwana 15 na mutum ɗaya ya wadatar, amarya za ta iya fara aikin tun yana can. Mukan shawarci iyalai su yi haka a farkon Nuwamba, su kuma tambayi ofishin ranar da ake bukatar ango da kansa. Amma kada ɗoki ya sa a yi tun watan Agusta, domin sanarwar tana mutuwa idan wata uku suka wuce ba a ɗaura auren ba, sai a sake daga farko.

Kiran aure da muke yi Lahadi uku a majami'a tsari ne na ikkilisiya. Yana da amfaninsa, amma ba ya zama a madadin Fom A. Hanya ɗaya da doka ta bari a tsallake kwana 21 ita ce lasisi na musamman daga Minista, Fom D, wannan kuwa ba abin da za a dogara da shi ba ne ana saura mako guda.

Doka ta hana fasto ɗaura aure sai an miƙa masa Fom C ko Fom D a hannu. "An ce za a kawo ranar Litinin" ba takarda ba ce. Ta kuma hana shi ɗaurawa a ko'ina sai ginin da aka ba wa lasisin ɗaura aure. A nan ne da yawa cikinmu ke yin tuntuɓe, domin lasisin na gini ne, ba na ɗarika ba. Babbar majami'ar gunduma tana iya samun lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, reshenta na ƙauye bai samu ba. Fasto da aka kai sabon wurin aiki ya kamata ya nemi ganin takardar lasisin tun makon farko, ya duba ko tana nan da ranta.

Shaidu

Sashe na 21 ya ce a ɗaura auren ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu biyu ko fiye, ban da faston da ke ɗaurawa. Wato fasto ba ya cikin lissafi. Doka ba ta ce sai shaidu sun zama dangi ko 'yan ikkilisiya ba, ba ta ce sai namiji da mace ba. Abin da ta nema shi ne su kasance a wurin, sa'an nan su sa hannu.

A ganinmu bai kamata a bar zaɓen shaidu ga ranar biki ba. An saba a jawo abokin ango da ƙawar amarya domin su ne a kusa. To amma shaida mutum ne da wataƙila za a nema bayan shekara biyu ko biyar a tambaye shi ko da gaske ya ga auren. Ya fi kyau a zaɓi manya masu tabbataccen mazauni, su rubuta sunansu yadda yake a katin shaidarsu. Kada kuma a yarda wani ya sa hannu a madadin kawun da mota ta lalace masa a hanya. A ɗauki wanda yake nan.

Fom E yana zuwa ne cikin littafi mai lamba da gwamnati ke bayarwa, kowace takarda kwafi biyu da ƙaramin gefe da ke zama a littafin. Fasto zai cike kwafi biyun nan take, shi da ango da amarya da shaidu su sa hannu a kan dukansu. Ɗaya na ma'aurata ne. Ɗayan kuwa dole fasto ya aika wa magatakardan aure cikin kwana 7. Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, domin an gaji, baƙi sun watse, kwafin kuma ya kwanta cikin durowa. Ma'auratan ba za su san da matsala ba sai ranar da aka je ofishin rajista neman tabbaci, aka buɗe fayil ba a ga komai ba. Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba: ƙin aikawa da gangan yana iya jawo ɗaurin shekara 2, ɗaura aure da sanin an saɓa wa doka kuwa shekara 5.

Suna ma yana ɓata aiki. A gida da majami'a ana kiran mutum Bulus, a fasfo kuwa an rubuta Paul. Amarya Alisabatu ce a bakin kowa, takardun makarantarta sun ce Elizabeth. A cike Fom E da fasfo a buɗe kan tebur, harafi bayan harafi, a kuma gwada shi da Fom C. Idan an gano kuskure daga baya, kada a kankare, kada a shafa farin ruwan gyara. Magatakarda ne ke da ikon gyara kuskuren rubutu, da izinin babban magatakarda, yana kuma sa hannunsa da kwanan wata a gefen gyaran.

A ofishin jakadanci

Ga Birtaniya, Fom E da aka cike daidai shi ne shaidar auren, kuma tunda da Turanci yake ba ya bukatar fassara. Duk wata takarda da aka rubuta da Hausa, kamar wasiƙar dattawa, sai an haɗa ta da fassarar da mai fassara ya tabbatar. Amma mu gaya wa ma'aurata tun da wuri cewa satifiket tambaya ɗaya kawai yake amsawa. Za a kuma duba ko dukansu sun kai shekara 18, ko sun taɓa haɗuwa ido da ido, ko zaman auren na gaskiya ne kuma yana ci gaba. Tun Afrilu 2024 ana neman kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 na dā. Amarya za ta yi jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka. Waɗannan ba aikin fasto ba ne, sai dai sanin su yana hana a ɗora wa takardarmu laifin da ba nata ba.

Wasu ƙasashe suna neman a tabbatar da takardar kanta. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda ta sa hatimi guda ya wadatar tsakanin ƙasashe, don haka hanyar ita ce a kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan a wuce ofishin jakadancin ƙasar. Jamus kuwa ba ta tsayawa ga hatimi. Takan sa a binciki takardun Najeriya daga tushe, mai nema ne ke biyan kuɗin binciken, yana kuma ɗaukar watanni. A irin wannan bincike ne kwafin da aka aika cikin kwana 7, da lasisin gini, da shaidun da za a iya samu suke yin amfani.

An daɗe ana shari'a tsakanin wasu ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kan wanda ke da ikon rajistar aure, abin da ya sa mutane da yawa suke zaton sai takardar Ikoyi ko Abuja ake karɓa a waje. Dokar Aure ba ta fifita auren ofis a kan na majami'a mai lasisi ba. Fom E ɗaya ne. Duk da haka, a karanta jerin takardun da ofishin jakadancin ya wallafa kafin a zaɓi wurin rajista.

Saura batun wanda ya zo mana bayan an riga an yi biki ba tare da Fom C ba, yana roƙo a cike masa Fom E da tsohon kwanan wata. Ba za mu yi ba. Takardar ƙarya ce, lambar littafin ma za ta tona ta, kuma Birtaniya tana iya hana mai nema shiga ƙasar har shekara 10 saboda yaudara. Sashe na 33 ya ce irin wannan aure ɓatacce ne idan dukansu biyu sun sani kuma suka yarda da gangan. Inda ba su sani ba, matsayinsa magana ce ta lauya, sai a tura su gare shi. Sau da yawa mafita ita ce su ba da sanarwa, su jira kwana 21, a ɗaura auren bisa doka da sabon kwanan wata. A takardar neman biza sai su rubuta kowace rana da sunanta: ranar da aka biya sadaki bisa al'ada, ranar da aka sa albarka a majami'a, da ranar da ke kan Fom E.