Habaici a Tsakar Gida: Yadda Ake Faɗin Laifi Ba a Kama Suna Ba

Hausawa na cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne, wanda aka zaga ma ya sani, 'yan kasuwar da ke kusa su ma sun sani, amma babu wanda zai iya dafa kafaɗar mai maganar ya ce ga shaida. A kan wannan ne habaici ya ginu. Magana ce da ake jefawa a fili, kowa ya ji, ta tafi kai tsaye ga mutum guda, amma ba a ambaci sunansa ba, ba a kuma kalli inda yake ba.

Masana waƙoƙin fada sukan raba habaici da zambo, kuma rabon yana da amfani ga kowa. A zambo ana siffanta mutum ne ta yadda ba zai ɓuya ba: a ambaci tsawonsa ko gajartarsa, ko wani aibu na jikinsa, ko tafiyarsa, don a muzanta shi a yi masa dariya. Habaici kuwa hali yake bi, ba kama ba, kuma yakan bar wa mutum hanyar fita. Makaɗan sarauta irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun yi amfani da duka biyun a kan 'yan sarkin da ke ja da iyayen gidansu. Amma inda habaici ya fi zama abin yau da kullum ba fada ba ne. Tsakar gida ce, musamman gidan da mata biyu ko uku suke raba kwana da murhu da igiyar shanya.

Dalilin a bayyane yake. Mutanen da za su kwana su tashi tare shekara da shekaru ba za su iya faɗa wa juna kowane laifi gatsal ba, kuma ba za su iya haɗiye kowane laifi ba. Uwargida tana da wata matsala ta daban: duk abin da ta faɗa wa amarya kai tsaye, ko gaskiya ne tsantsa, za a ce kishi ne. Amarya kuma in ta ɗaga murya a ce ba ta da kunya, daga zuwanta ta fara raina na gaba da ita. Karin magana shi ke fitar da su biyun daga wannan matsi, domin ba mallakar kowa ba ne. Mai faɗinsa ba ita ta ƙirƙira shi ba, maganar mutanen da ce, don haka nauyin zargin ba ya kanta ita kaɗai.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Amarya ta shigo gida, an gama kwana bakwai, an koma rabon kwana bibbiyu. Duk ranar girkinta sai ta aiko a ba ta aron babbar tukunya, gobe turmi, jibi rariya, kuma kayan sukan dawo ba wanki, wani lokaci ma sai an aika an karɓo. Uwargida ta yi shiru sau ɗaya, sau biyu. Ran nan da hantsi, amarya na bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, sai uwargida ta kira 'yarta da ta ɗauro ɗankwalin ƙawarta, ta ce, “Ke, cire ki mayar wa masu shi. Zanen aro ba ya rufe katara.”

A duba abin da ta yi. Ta sami dalili na gaskiya, domin yarinyar da ɗankwalin aron ta shigo. Ta zaɓi wadda za ta fuskanta, wadda ba ita ce ainihin abin nufi ba. Da babu yarinyar, da kazar da ta sa baki a tsaba ma ta isa. Ta zaɓi lokacin da amarya ke ji, ta kuma daidaita muryarta yadda za ta kai ƙofar can ba tare da ta zama ihu ba. Sannan ba ta waiwaya ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin da zarar ido ya bi maganar, ta tashi daga habaici ta koma takala.

Yanzu magana ta koma hannun amarya, kuma hanyoyi uku ne a gabanta. Tana iya yin kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta, gobe ta sa a fito mata da tukunyarta daga cikin kayan ɗaki. In ta yi haka, an gyara abin da ake so a gyara, babu wadda ta ba da haƙuri, babu wadda aka kunyata, da yamma a gaisa kamar kullum. Wannan shi ne habaicin da ya yi aikinsa, kuma irinsa ne ya fi yawa, sai dai ba a jin labarinsa tun da bai haifar da rigima ba.

Tana iya kuma ramawa da irin makamin. Ba nan take ba, sai an jima, tana kwashe shanya, ta ce da iska, “Oho dai, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.” Uwargida ta ji, ta tuna bokitin amarya da yaranta suka fasa makon jiya. In mai hankali ce sai ta bar maganar a nan, an yi kunnen doki. In kuma abin ya motsa ta, sai ta ƙara da cewa tsohuwar zuma da ita ake magani, amarya ta mayar da cewa hassada ga mai rabo taki ce. A wannan gaɓar an riga an bar zancen tukunya, an koma zancen miji, kuma duk wata tsohuwa da ke gidan za ta gane cewa lokacin sa baki ya yi.

Hanya ta uku ita ce wadda sabon shiga kan faɗa. Amarya ta ajiye faranti ta ce, “Yaya, da ni kike?” Amsar a shirye take tun kafin a yi tambayar: “Ni da 'yata nake. Amma dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.” Mai tambayar ta amsa laifin da bakinta, ta kuma zama ita ce ta fara tsokana a idon kowa. Shi ya sa iyaye mata ke ja wa amare kunne cewa in ba a kira sunanki ba, kada ki amsa.

A ganina, darajar habaici tana cikin wannan hanyar fita da yake bar wa mutane biyu a lokaci guda, kuma da ita ake gane mai kyau da marar kyau. Habaicin da ya taɓa abin da mutum zai iya canzawa, kamar aro da ƙazanta da yawan surutu da rowa, gyara ne. Wanda ya taɓa abin da ba shi da iko a kansa, kamar rashin haihuwa, ko talaucin iyaye, ko asali, ko wata lalura ta jiki, wannan gori ne da aka yafa wa mayafin karin magana. Babu abin da matar da ba ta haihu ba za ta je ta gyara gobe da safe. Abin da ya rage mata shi ne kuka a ɗaki ko fitowa da faɗa, kuma da yawa daga cikin yajin da ake yi daga nan yake farawa. Akwai jerin karin magana na kishiyoyi da ba su ɓoye wannan zafin ba, irin su “Ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu.” Ana jin su a yi dariya a wurin biki, amma wadda ta furta irinsu a gidan da ake zaman makoki ta yanke zumunci ne, ko da ta rantse ba da kowa take ba. Malamai sukan kafa hujja da aya ta 11 ta Suratul Hujurat wajen hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙabi, kuma ayar ta ambaci mata a keɓe.

Wata hanyar da abin ke lalacewa ita ce maganar ta sauka a kan wanda ba a nufa ba. Tun da babu suna, kowa na iya ɗauka. A misalinmu, da uwar miji na zaune a tsakar gidan sanye da mayafin da ta ara na zuwa suna, da uwargida ta jawo wa kanta abin da sai an tara manya kafin a kashe. Gwanaye sukan duba waɗanda ke wurin kafin su buɗe baki. Akwai kuma iyakar girma: habaici yakan tafi tsakanin tsara, ko daga babba zuwa ƙarami, amma matar ɗa da ta yi wa surukarta, ko ɗa ga mahaifinsa, babu wanda zai saurari uzurin cewa ba a kama suna ba.

Maza ma suna yi, kuma nasu yakan fi fitowa a majalisa da kasuwa da tasha. Wanda ya sami muƙami ya daina amsa gaisuwar abokan tasowarsa, ranar da ya zo wucewa sai wani ya ce da na kusa da shi, “Gyartai ya ci sarauta, ya ce ban da tuna baya.” Gyartai shi ne mai ɗinke fasassun ƙore, sana'ar da ba a ɗauka da girma ba, don haka saƙon ya isa ba tare da an tona komai ba. Direbobi kuma nasu a bayan mota suke rubutawa, ya bi titi yana neman mai shi.

An daɗe ana tattara karin maganar Hausa a littattafai. Merrick ya buga nasa a 1905, Kirk-Greene ya fitar da Hausa Ba Dabo Ba Ne mai ɗauke da guda 500 a 1966, Yusufu Yunusa ya kawo Hausa a Dunƙule a 1977. Amma takarda kalmomi kawai take riƙewa. Jimla guda, “Gwano ba ya jin warin jikinsa,” nasiha ce a bakin malami a aji, wasa ce tsakanin taubasai, wuƙa ce a bakin kishiya ranar girkin abokiyar zamanta. Wanda ya faɗa, da wanda ke zaune, da abin da ya faru jiya, su ke mayar da karin magana habaici.

Ga magidanta kuwa, yawan karin magana a tsakar gida alama ce da bai kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. Habaici ɗaya a kan tukunya ba komai ba ne, mata za su kashe abinsu. Amma in ka lura kullum ana yi wa kaji da yara faɗan da ya fi ƙarfin laifinsu, kuma magana ɗaya ce ke dawowa da sabuwar riga, to akwai ƙorafin da aka rasa inda za a kai. Ka kira kowacce ita kaɗai, ka tambaye ta abin da ke damunta, ka kuma fara duba rabon cefane da na kwana kafin ka ce halin mata ne.