Lissafin Shekara, Wata da Kwana Don Neman Gurbin Karatu

Makarantar da ta gindaya sharaɗin shekaru tana haɗa shi da wata rana guda, wato ranar da ake son yaro ya riga ya cika shekarun. A Najeriya shekara shida ce shekarar shiga aji ɗaya na firamare. Su kuwa manyan makarantu, hukumar JAMB ta tsayar a 2025 cewa sai ɗalibi ya cika shekara 16 zuwa ranar 30 ga Satumba, 2025. Abin da ake dubawa shi ne shekarun da suka cika cif a wannan rana. Yaron da ya shiga shekara ta goma sha shida bai cika ta ba tukuna, kuma a nan ne iyaye da dama suke samun saɓani da makaranta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗebe shekara daga shekara kawai. A ɗauki yarinyar da aka haifa ranar 17 ga Nuwamba, 2009. In aka ɗebe 2009 daga 2025 za a sami 16, sai a ɗauka ta cika sharaɗi. Amma Nuwamba tana bayan Satumba, don haka ranar da makaranta ke dubawa ta zo kafin zagayowar ranar haihuwarta.

Hanyar da ba ta ruɗarwa ita ce a rubuta ranakun biyu, ta makaranta a sama, ta haihuwa a ƙasa, kowace a gida uku: kwana, wata, shekara. Ana maye sunan wata da lambarsa, Satumba 9, Nuwamba 11. Sama kenan akwai 30, 9, 2025, ƙasa kuma 17, 11, 2009. Daga gidan kwana ake farawa. An ɗebe 17 daga 30, saura 13. A gidan wata, 11 ba za ta fita daga 9 ba, sai a ari shekara guda daga 2025, ta koma 2024, a mayar da abin da aka ara wata 12 a haɗa da 9 ya zama 21. An ɗebe 11 daga 21, saura 10. A gidan shekara kuma 2009 daga 2024 ya bar 15. Ranar 30 ga Satumba, 2025, shekarun yarinyar 15 ne da wata 10 da kwana 13. Saura kwana 48 ta cika sha shida.

Ana iya tabbatar da amsar ta ƙirgawa gaba daga ranar haihuwa. Daga 17 ga Nuwamba, 2009, zuwa 17 ga Nuwamba, 2024, shekara 15 ce. Daga nan zuwa 17 ga Satumba, 2025, wata 10. Daga 17 zuwa 30 ga Satumba kuma kwana 13. In hanyoyin biyu ba su ba da amsa ɗaya ba, yawanci an yi aro ne aka manta a rage gidan da aka ara.

Aron kwana ya fi aron wata wuyar sha'ani, domin shekara kullum wata 12 ce, amma watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba kwana 30 ne, Fabrairu 28 ko 29, sauran kuwa 31. Ƙa'idar ita ce a ari kwanakin watan da ya gabaci watan ranar makaranta. A ƙaddara wata firamare ta ce sai yaro ya cika shekara shida zuwa 1 ga Satumba, 2025, ga kuma yaron da aka haifa 2 ga Satumba, 2019. Biyu ba za ta fita daga ɗaya ba. Watan da ya gabaci Satumba Agusta ne, mai kwana 31, sai gidan kwana ya zama 32, gidan wata ya sauka zuwa 8. An ɗebe 2 daga 32, saura 30. Tara ba za ta fita daga 8 ba, a sake aro: 20 ban da 9 saura 11, sannan 2024 ban da 2019 saura 5. Amsa ita ce shekara 5, wata 11, kwana 30. Wanda ya saba ɗaukar kowane wata a kwana 30 zai ce ai kwana talatin ɗin nan wata ne, wata 12 kuma shekara, ya rubuta shida. Amma watan da aka ari kwanakinsa mai kwana 31 ne, yaron sai gobe zai cika. Ko makaranta za ta yi sassauci a kan kwana ɗaya, wannan shawararta ce, amma lissafi dai bai kai ba.

Wanda ba ya bukatar cikakken adadin, yana son sanin an cika ko ba a cika ba kawai, yana da gajeriyar hanya. Ya ɗebe shekarun da ake nema daga shekarar ranar makaranta, ya bar kwana da wata yadda suke. A misalin JAMB wannan ya ba da 30 ga Satumba, 2009. Duk wanda aka haifa a ranar ko kafin ta ya cika. Ga malamin da ke tantance takardu ɗaruruwa, wannan ta fi sauri kuma ta fi wuyar kuskure.

Ƙirga kwanaki gaba ɗaya a raba da 365 kuwa hanya ce mai yaudara. A cikin shekara 16 akwai ranar 29 ga Fabrairu sau huɗu, don haka kwanakin 5,844 ne. Mai rabawa da 365 zai ce yaro ya cika tun yana kwana 5,840, saura kwana huɗu. Shi ma wanda aka haifa 29 ga Fabrairu, 2020, zai cika shida a 2026, shekarar da babu wannan rana. Wasu na ɗaukar 28 ga Fabrairu, wasu 1 ga Maris, amma tunda ranar makaranta ta Satumba ce, bambancin ba ya sauya komai.

Lissafi yana daidai ne gwargwadon ingancin ranar da aka fara da ita. A gidaje da yawa ranar suna aka fi riƙewa, alhali tana bayan ta haihuwa da mako guda, kuma mako ya isa ya fitar da yaron da aka haifa a ƙarshen Satumba daga sharaɗi. Wasu kuma da Sallah ko azumi suke tuna haihuwa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Yaron da aka haifa a Babbar Sallar ƙarshen Nuwamba, 2009, ya cika shekara 16 ta Hijira a Babbar Sallar farkon Yuni, 2025, amma a kalandar da makaranta ke aiki da ita saura masa kusan wata shida. Iyaye ba su yi ƙarya ba in suka ce ya cika, sai dai ba da wannan kalandar ake tantancewa ba.

Ranar da ake lissafi da ita ita ce wadda ke kan takardar shaidar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, kuma mai neman JAMB sai ta yi daidai da wadda ke kan lambarsa ta NIN. Wajen cike fom a kwamfuta akwai wani tarko. A Najeriya kwana ake fara rubutawa sannan wata, amma wasu manhajoji suna bin tsarin Amurka, wata kafin kwana. Rubutun 09/11/2009 yana nufin 9 ga Nuwamba a tsarin farko, 11 ga Satumba a na biyu, kuma a ƙarƙashin sharaɗin 30 ga Satumba ɗaya ya cika, ɗaya bai cika ba. Rubuta sunan watan da haruffa, inda fom ya ba da dama, yana kawar da wannan ruɗani.